Barka da Sallah da sunan shago: yaya ake haɗa su a rubutu ɗaya?

Mai Ɗinki: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema kafin azumi ya yi nisa. Bara da safiyar ƙaramar Sallah na sa hoton wata riga da na ɗinka, na rubuta a ƙasa: "BARKA DA SALLAH! Allah Ya karɓi ibadunmu. Garabasa! Ragi na musamman a kan duk ɗinki, ku yi sauri kafin a cika!" Ko awa ɗaya ba a yi ba wata dattijuwa da na daɗe ina yi wa ɗinki ta turo min saƙo ta ce, 'yar nan, ko daga Idi ba mu sauko ba kin buɗe kasuwa? Wallahi har yau idan na tuna sai na ji nauyi. Bana ina so in gaida mutanena, amma kuma ba na so a manta da ni. Yaya kuke rubuta naku?

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam. Ni dai 'yar uwa, ranar Sallah gaisuwa zalla nake sawa, ko sunan sana'ata ba na ambata. Ranar ibada ce, a bar ciniki ya huta.

Hajiya Mai Turare: Uwar Biyu, rabin maganarki na yarda da shi. Ciniki ya huta, gaskiya ne. Amma ɓoye suna ba dole ba ne, domin wanda ya karɓi gaisuwa yana son ya san wa ya gaishe shi.

Ƙanwata Mai Ɗinki, ambaton sana'arki ba shi ya ɓata rubutun bara ba. Abu biyu ne suka ɓata shi. Na farko lokaci. Mai son ɗinkin Sallah tun farkon azumi ya kawo yadinsa, ranar 1 ga Shawwal kuwa rigar tana jikinsa. To wa kike kira ya yi sauri? Tallan bai da mai saye a ranar, sai dai mai jin haushi. Na biyu, kin ɗora "ku yi sauri" kai tsaye a kan addu'a. Mai karatu bai gama cewa amin ba kin miƙo masa hannu, dole ya ji kamar addu'ar ƙofa ce kawai aka buɗe don a shigo da kaya.

Ni sau uku nake rubutu. Talla na sosai, mai hoton kaya da ranar da zan daina karɓar oda, yana fita a goman farko ko ta tsakiya. Ranar Sallah gaisuwa da godiya. Bayan kwana uku ko huɗu sai in dawo da maganar kaya ba tare da kunya ba, don a lokacin kowa ya san an koma kasuwa.

Mai Ɗinki: Na gode Hajiya. To na ranar Sallar shi ne ke ba ni wuya. Ga abin da na gwada yanzu, ku duba min: "Mu masu ɗinki na zamani da kuka sani, masu aiki da inganci da cika alkawari, muna yi wa dukkan kwastomominmu barka da Sallah, muna kuma tunatar da ku cewa muna nan muna jiran ku."

Hajiya Mai Turare: Ya fi na bara nesa ba kusa ba, amma ki ƙirga ki ga kalma nawa kika kashe wajen yabon kanki kafin ki kai ga "barka". Mutum yana zame hoto da babban yatsa, abin da idonsa zai fara kamawa shi ne inganci da cika alkawari, wato talla. Juya shi. Ga yadda zan rubuta da ni ce ke:

"Barka da Sallah. Allah Ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu, Ya maimaita mana cikin lafiya da kwanciyar hankali.

Ga duk wanda ya ba mu amanar ɗinkinsa a wannan wata, mun gode ƙwarai, a kuma yafe mana inda muka gaza. Muna hutun Sallah, za mu buɗe ranar Alhamis in Allah Ya yarda."

Sai sunan shagonki a ƙasa, shi kaɗai, kamar sa hannu a ƙarshen wasiƙa.

Ki lura, kalmar ɗinki sau ɗaya ta fito, kuma a cikin godiya ta fito. Wanda bai san ki ba ya gane sana'arki, ya gane mutane suna ba ki aiki, ya san ranar da zai same ki, kuma babu inda kika ce masa zo ka saya. Ranar buɗewar nan labari ne da yake amfanar shi mai karatun, shi ya sa ba ta yi masa nauyi. Gwajin da nake yi kafin in saki rubutu kuwa shi ne in rufe layin gaisuwar da yatsa in karanta sauran. In abin da ya rage ya tsaya da ƙafarsa a matsayin cikakken talla, to gaisuwar mayafi ce kawai na yafa masa, sai in goge in sake.

Ƙanin Kowa: Anti Mai Ɗinki ki turo min hoton da lambar wayarki, zan haɗa miki shi da jinjirin wata da masallaci da kalar zinare, ya yi kyau sosai. Ina iya sa ayar Alƙur'ani a sama ma.

Mai Ɗinki: Allah Ya saka, ƙanena, amma ba zanen hoton nake tambaya ba, kalmomin da za a rubuta a ƙasansa ne.

Malam Mai Buga Takardu: Tunda yaron nan ya ambaci aya, bari in sa baki, don abin yana zuwa teburina duk shekara. In rubutun zai tsaya a waya, magana ɗaya ce. Amma mutane da yawa suna ɗaukar wannan zanen su buga shi a kati ko a leda ko takardar da ake liƙa wa kaya, kuma kowa ya san inda leda take ƙarewa. Ni ina ba masu kawo min aiki shawara kada a sa aya ko sunan Allah da Larabci a kan abin da za a yar. Ko a waya ma, aya a sama da lambar oda a ƙasa ba sa zama min daidai a zuciya.

Uwar Biyu: To Malam, "Taƙabbalallahu minna wa minkum" fa? Ita ai ba aya ba ce, gaisuwar Idi ce da aka ruwaito daga sahabbai.

Malam Mai Buga Takardu: Haka ne, kuma a rubutun waya ban ga laifinta ba muddin ba a jera ta da ragi ba. Hukuncin kuwa na bar wa malamai, abin da na gani a aiki kawai nake faɗa.

Hajiya Mai Turare: Ni ma ina sa ta, amma nakan bi ta da Hausa, Allah Ya karɓa mana da ku, don ba duk mai bibiyata ne ke gane Larabcin ba.

Akwai kuma dalilin waya da ya sa na ce gaisuwa ta zo farko. A Instagram rubutun ƙasan hoto yana iya kai wa haruffa 2,200, amma wajen 125 na farko kawai ake gani kafin a yanke shi da kalmar more, kuma kaɗan ne ke dannawa. Layin farkon da na rubuto miki bai kai haruffa 110 ba. Ke nan wanda ya wuce da sauri gaisuwa ya gani, wanda ya damu da ke har ya buɗe shi zai ga ranar buɗewa. Da yabon shago ya zo farko, da daidai wurin "barka" za a yanke.

Mai Gyaran Waya: Ni matsalata daban ce, amma a kan gaisuwar dai. Wata shekara na tsara saƙon Sallah tun da wuri na saita shi ya fita da kansa, na lissafa azumi 29. Ba a ga wata ba, aka cika 30. Da safe mutane suna azumi shafina yana ta barka da Sallah, aka yi ta tambayata a wace ƙasa nake.

Hajiya Mai Turare: Sannu Malam, ba kai kaɗai ta taɓa ci ba. Watan Musulunci 29 ne ko 30, ba a sani sai daren, kuma ƙasashe sukan saɓa da kwana ɗaya. Ƙaramar Sallah ba a saita mata lokaci. Ka rubuta ka ajiye, sai an yi sanarwa inda kake ka saki da hannunka. Babbar Sallah ta fi sauƙi, tunda 10 ga Zulhijja ce, da zarar an tabbatar da tsayuwar watan ka san ranar tun da sauran kwana tara ko goma. Kuma Mai Ɗinki, shi ya sa "ranar Alhamis" ɗin nan ki bar gurbinta a buɗe sai daren Sallah. Kada kuma wani ya kwafi kwanan watan bara, don shekarar Hijira tana gaza ta Miladiyya da kwana 10 zuwa 11.

Mai Ɗinki: To in tura wa kowa ta WhatsApp ɗaya bayan ɗaya, ko in sa a Status?

Mai Gyaran Waya: Wannan fannina ne. Status yana ɗaukar awa 24 ya ɓace, mai so ya kalla, ba ki shiga ɗakin kowa ba. Broadcast kuwa mutum 256 yake ɗauka a jeri ɗaya, kuma wanda ya ajiye lambarki ne kaɗai saƙon zai isa gare shi. Ni a ganina mai ɗauke da sunan shago ya tafi Status. Wanda zai shiga akwatin mutum kai tsaye ya zama gaisuwa da sunansa, babu maganar buɗe shago.

Hajiya Mai Turare: Na goyi baya. Ita dattijuwar nan ma, ƙanwata, kada ki tura mata rubutu. Ki kira ta da baki ki gaishe ta.

Uwar Biyu: Tambaya ta ƙarshe. Kusan rabin masu saye a wurina Kiristoci ne. Ranar 25 ga Disamba me zan rubuta? Wasu na ce min in yi shiru, wasu na ce in gaishe su.

Hajiya Mai Turare: A kan halaccin taya murnar malamai sun saɓa, kowa ya tambayi wanda ya amince da iliminsa. Ta fuskar rubutu dai, in kin zaɓi yi, kada ki ari kalmomin ibadar da ba taki ba don ki burge. Ni abin da nake sawa: "Ga abokan cinikinmu da ke hutu da iyalansu a wannan mako, muna muku fatan lafiya da zaman lafiya, masu tafiya Allah Ya kai ku lafiya. Muna buɗe kamar kullum." Ki kuma san ranar kafin ki yi mata barka. Juma'ar da ke gaban Ista ranar juyayi ce a wurinsu, ba ta ragi da alamar dariya ba, murnar sai Lahadi.

Malam Mai Buga Takardu: Hajiya a nan na ɗan saɓa miki. Ina da abokan aiki Kiristoci, kuma na ga wasu suna jin gaisuwar da ta ƙi ambaton sunan bikin kamar an gaishe su da hannun hagu. Ko a ambata, ko a bari.

Hajiya Mai Turare: Ina jin ka Malam. Nawa mutanen dai ba su taɓa nuna min haka ba, amma zan tambayi biyu daga cikinsu kafin Disamba.

Mai Ɗinki: Allah Ya saka muku da alheri. Na ajiye na Hajiya, sai dai "a yafe mana inda muka gaza" nake ta juyawa. Akwai mutum biyu da rigunansu suka makara bara, ina tsoron kada su ga kamar na tuna musu. In bar shi ko in cire?

Uwar Biyu: Ki bar shi. Amma su biyun ki fara gama nasu bana.