Sifikar hagu ta dushe, waya ce ko haɗi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina zaune a Rayfield, nan Jos, da amfilifaya mai watt 50 kowane ɓangare da sifika biyu masu ohm 4. Ta dama tana kusa, waya mita 2 ta ishe ta. Ta hagu kuwa sai da na zagaya da waya bayan kujeru, mita 12. Da damina ta sauka sautinta ya dushe, wani lokacin har da ƙarar-ƙarar.

Wayar siririya ce, 0.75 mm². Na lissafa zuwa da dawowa mita 24, juriyar ta kai kusan ohm 0.55, alhali ƙa'idar da na sani ita ce kada ta wuce kashi 5 cikin ɗari na ohm ɗin sifika, wato 0.2. Ta 2.5 mm² za ta sauko wajen 0.17. Amma wannan asarar ba ta haifar da ƙarar-ƙarar, ko? Da na musanya sifikun, matsalar ta zauna a hagu. Da na kwance bakin wayar, jan ƙarfen ya yi baƙi-baƙi. Ba mamaki laimar Jos ce.

Bayan sifikun maƙalli ne mai sifirin, filogin banana ba ya shiga, kuma waya mai kauri da ƙyar take shiga ramin. Shin in sa filogi mai siririn fin a can, banana a amfilifaya, ko in yanke in fere sabon baki kawai? Mai shago ya kawo mini wata waya mai araha, na kankare ta na ga fari a ciki. Alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe? In haka ne, wane kauri zan saya?