Katin biki cikin harshe uku: yaya za a tsara shi?

Yayar amarya, Tudun Wada: Assalamu alaikum. Auren ƙanwata saura wata biyu. Angon malami ne a jami'a, abokan aikinsa da yawa ba sa jin Hausa, kuma dangin mahaifiyarsa 'yan Sudan ne. Muna son katin gayyata da jadawalin biki su fito da Hausa, Turanci da Larabci. Kati ɗaya za mu yi ko uku?

Mai ɗab'i, Sabon Gari: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya alheri. Ɗaya ya isa. A naɗe takardar A4 ɗaya gida biyu, ta ba da shafi huɗu: Hausa a gaba, jadawali da Turanci a ciki, Larabci a bangon baya. Mai karanta Larabci daga dama yake buɗe littafi, don haka bayan katin shi ne gabansa.

Wajen bugawa ne ake yin ɓarna. Rubutun ado mai lanƙwasa yawanci ba shi da ƙ, ɗ da ɓ, sai "ɗaurin aure" ya fito da ɗan akwati a farkonsa. Larabci kuma idan aka kwafo shi daga waya zuwa tsohon CorelDraw, haruffan kan rarrabu su juya baya, wanda bai iya karatun ba kuwa ba zai lura ba. Idan komai ya zauna daidai, mai zanen ya mayar da rubutun zane da Ctrl+Q, ya fitar da PDF. A buga kwafi ɗaya, mutum uku su karanta, kowa da harshensa, kafin a saki sauran.

Baban Ummi: Ai Larabcin ba wuya, ku ba malamin allo ya rubuta da ajami.

Malama, Kongo: Baban Ummi, ajami Hausa ce da haruffan Larabci, baƙin Sudan ba za su fahimta ba. Hajiya, ɗaurin aure shi ne aƙdul ƙiran, sa lalle lailatul hinna, walima tana nan walima. Kamu da buɗar kai ku bar su da sunansu, ku ƙara layi ɗaya na bayani, har da cewa kamu na mata ne, kada abokan ango su zo su tsaya cirko-cirko. Kwanan watan Hijira kan goce da kwana ɗaya idan aka ga wata, shi ya sa sunan ranar da kwanan boko za su zo farko a duka shafukan. "Bayan sallar Juma'a" kaɗai ba ya wadatar da baƙo, a sa ƙarfe nawa da sunan masallacin. Ni da za a bi tawa, aya ta 21 ta Suratur Rum ba za ta hau kati ba, don a ƙasa yake ƙarewa.

Baban Ummi: Malama, kati babu ko Bisimilla? Tsofaffin cikin birni ba za su yarda ba.