Fura da nono ga yaron da leɓensa ya kumbura: a ci gaba da ba shi ko a daina?

Hajiya Mariama, Birni: Jikana ɗan wata goma sha huɗu ne. Shekaranjiya muka ba shi fura da nono karo na farko, kafin minti goma leɓensa ya kumbura, borin jini ya feso masa a wuya, ya yi amai. Ni na ce cikinsa ne bai saba ba, kamar yadda madara ke lalata wa mahaifinsa ciki, kuma idan aka riƙa ba shi kaɗan-kaɗan zai saba. Uwarsa ta ƙi yarda. Ku raba mana gardama.

Malam Issoufou: Hajiya, ina bayanki. Ni kaina idan na sha madarar gari kofi guda da safe, kafin hantsi cikina ya cika da iska yana ƙugi, wani lokaci har da zawo. Amma kindirmo ba ya yi mini komai, kuma da na riƙa shan madarar rabin kofi tare da abinci sai abin ya lafa. A ba shi nono mai tsami, cokali ɗaya yau, biyu gobe.

Malama Hadiza, ma'aikaciyar jinya: Malam Issoufou, abin da ka faɗa game da jikinka daidai ne, amma ina roƙon Hajiya kada ta gwada shi a kan wannan yaro, domin ciwonka da nasa ba su haɗa hanya ba. Kai sukarin da ke cikin madara ne, wato laktos, hanjinka ba ya iya narkarwa duka, saboda sinadarin da ke wannan aiki yana raguwa bayan yaye a jikin kusan kashi biyu cikin uku na manyan mutanen duniya. Sukarin sai ya wuce babban hanji, ƙwayoyin da ke can su ruɓar da shi, iska ta taru, ruwa ya biyo. Shi ya sa abin ke zuwa bayan rabin awa zuwa awa biyu, ya tsaya a ciki kawai, kuma yawan abin da ka sha ne ke sa ya yi tsanani ko sauƙi. Yawancin masu irin lalurarka suna ɗaukar giram 12 na laktos, kimanin kofi guda, musamman tare da abinci. Kindirmo kuwa ƙwayoyin da suka tsamar da shi sun cinye wani kaso na sukarin, suna kuma taimaka wa hanji da sauran.

Shi kuwa yaron, ba cikinsa ne ya kasa narkarwa ba. Garkuwar jikinsa ce ta ɗauki furotin ɗin madara a matsayin abokin gaba, wannan shi ake kira alaji. Laktos ba ya kumbura leɓe, ba ya fesar da borin jini. Furotin ɗin nan kuma yana nan a cikin kindirmo da cuku, tsami ba ya kawar da shi, tafasawa ma ba ta isa ba, kuma cokali ɗaya yana iya tayar da abin. Tsorona shi ne karo na gaba kumburin ya sauka maƙogwaro.

Hajiya Mariama: To, 'yata, ai ya warke da kansa kafin la'asar. Da abin mai haɗari ne, da haka zai wuce?

Malama Hadiza: Alhamdu lillahi da ya wuce, Hajiya, amma sauƙin karo na farko ba ya nuna yadda na biyu zai kasance. A kai shi wurin likitan yara, a faɗi abin da ya sha da yawan mintocin da suka wuce kafin kumburin. Kafin nan a dakatar da duk abin da aka yi da madarar dabba, har da man shanu da biskit mai madara, uwarsa kuma ta ci gaba da shayar da shi. Idan ya sha bisa kuskure kuka ji muryarsa ta dishe, ko numfashi na fita da ƙyar, ko jikinsa ya saki, a garzaya asibiti nan take, domin allurar adiranalin ce maganin wannan hali, maganin ƙaiƙayi ba ya buɗe maƙogwaro. Yara da yawa suna rabuwa da wannan alaji kafin su kai shekarun shiga makaranta, amma a gaban likita ake sake gwadawa, ba a tsakar gida ba.

Elhadji Moutari, Tanout: Sai a koma nonon akuya. Mu nan da shi aka rene mu, ya fi na saniya sauƙi a ciki. Ga kuma na raƙumi.

Malama Hadiza: Elhadji, furotin ɗin nonon akuya da na tunkiya ya yi kama da na saniya ƙwarai, har yawancin yaran da na saniya ke tayar wa alaji shi ma yana tayar musu. Laktos ma yana cikinsa, don haka ko Malam Issoufou ba zai tsira ba.

Elhadji Moutari: Na akuya na yarda. Na raƙumi dai ban yarda ba, domin na ga yaron da nonon saniya ke wahalarwa yana shan na raƙumi lafiya.

Malama Hadiza: Ba zan ƙaryata ka ba, domin nonon raƙumi ba shi da ɗaya daga cikin furotin ɗin da ke tayar da alaji a na saniya. Amma yana da wasu, kuma ni ba zan ce a gwada shi a gida a kan yaron da leɓensa ya riga ya kumbura ba.

Malam Issoufou: Idan an hana shi nono, ƙashinsa fa? A riƙa ba shi awara, tunda an ce tana maye gurbin madara.

Malama Hadiza: A wajen furotin tana mayewa, a wajen kalsiyam mai gina ƙashi kuwa sai an duba. Awarar da ke da kalsiyam mai yawa ita ce wadda aka daskarar da gishirin kalsiyam, tamu kuwa da ruwan tsami ko tsamiya ake haɗa ta. Yaro ɗan shekara ɗaya zuwa uku yana bukatar kimanin miligiram 500 a rana, babba 1,000, kofin madara guda kuma yana ba da kusan 300. Gero kansa kaɗan yake da shi, saboda haka fura ba nono ba ta cike gurbin.

Kuka ita ce dukiyarmu a nan, garinta giram 100 yana ɗauke da sama da miligiram 1,500. Sai dai mu yi lissafin tukunya: idan an kaɗa giram 30 a miyar mutum takwas, kowa bai samu miligiram 60 cikakku ba, rabon ƙaramin yaro kuma bai kai haka ba. Don haka a riƙa zuba masa ƙaramin cokali na garin kuka ko na busasshen zogale a cikin kununsa, a daka ƙananan busassun kifi tare da ƙayarsu har su yi laushi a sa a miyarsa. Kifin gwangwani na sardin da ake ci da ƙashinsa yana ba da kusan 380 a giram 100. Riɗi yana da kalsiyam sosai, amma yawancinsa a ɓawo yake, wanda aka surfe ya rasa mafi yawansa. Idan duk wannan bai cika ba bayan an yaye shi, likita zai rubuta masa kalsiyam na sha.

Malam Issoufou: Ni kenan ba ni da dalilin barin kindirmo da cuku.

Malama Hadiza: Ba ka da shi, Malam. Cuku ma yawancin laktos ɗinsa ya tafi da ruwan da aka tsiyaye.

Hajiya Mariama: Na ji, na janye maganar cokali-cokali. Gobe uwarsa za ta kai shi asibiti. Elhadji, idan likita ya amince da nonon raƙumin, kai za mu ɗora wa aiko shi daga Tanout.