Bakin diril ya maƙale a kai, ya ƙi kwancewa

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Diril ɗina mai batir ne, irin wanda ake ɗaure bakinsa da hannu ba makulli, kan mai milimita 13. Jiya na huda rufin siminti da ke sama da bakin kankare mai lamba 8, na sa shi a guduma. Yau kan ya ƙi juyawa sam, har tafin hannuna ya yi ja. Yaya zan cire ba tare da na lalata shi ba?

Mai gyaran injinan hannu, Kano: Wa alaikumus salam. Huda sama ce ta jawo. Ƙurar siminti tana zubowa kai tsaye cikin ramukan da haƙoran nan uku suke zamewa, bugun gudumar kuma ya daddale ta a cikin zaren. Ƙarfi kaɗai ba zai yi ba sai ka fara sassauta wannan ƙurar.

Cire batir tukuna. Ka juya kan yana kallon ƙasa, ka ɗan bubbuga gefensa da katako, za ka ga farin gari yana zubowa. Daga nan ka mayar da shi yana kallon sama, ka fesa WD-40 kaɗan a tsakanin haƙoran, ko ka ɗiga kananzir ɗigo biyar zuwa shida, ka bar shi minti ashirin. Kada ka malala, don abin da ya wuce kai yana gangarawa cikin giya ya wanke giris.

Sai ka ɗora guntun katako a kan tsinin bakin, ka buga da ƙaramar guduma sau uku ko huɗu, kamar kana son tura shi ciki. Haƙoran a karkace suke tafiya, idan sun matso gaba suna matsewa, idan sun ja baya suna buɗewa, saboda haka bugun ciki ne yake rage musu cizo. Fizgar bakin waje da filaya ƙara ɗaure shi take yi.

Yanzu ka naɗa robar tayar keke a jikin zoben, ka sa injin a giya ta 1, ka juya bakin yana kallon ƙirjinka, ka murɗa zoben hagu yadda ake kwance noti. Fizga ɗaya mai kaifi ta fi dogon matsi. Wasu kawunan za ka ji ƙas kafin su saki, makullin ciki ne ya buɗe, ba karyewa ba ce.

Kafinta, Zariya: Oga duk wannan ya yi tsawo. Ka sa shi a ribas, ka riƙe zoben da hannu, ka danna. Nan take zai buɗe.

Mai gyaran injinan hannu, Kano: Malam, hanyarka tana aiki idan matsewar kaɗan ce. Wanda ya ƙi hannu tun farko, ribas a giya ta 1 zai murɗe wa mutum wuyan hannu ko ya saluɓe masa fata. In za a yi, a naɗa robar, a kama zoben a bais ba da matsi sosai ba, a riƙe injin da hannu biyu, a riƙa danna kunamar ana saki. Kuma a mayar da zoben lambobin nan zuwa alamar huda, in yana kan lamba zai yi ta ƙara ne kawai ba ya ba da ƙarfi.

Makanike, Maraɗi: Sifanar masu famfo ita ce maganinsa. Ka kama zoben da ita, ka ƙara mata bututu a hannu, babu kan da zai gagara. In ya ƙi, ka ɗan nuna masa wuta.

Mai walda, Kaduna: Wuta kam a'a, ranka ya daɗe. Yawancin waɗannan zobunan roba ne a waje, na ƙarfen ma akwai giris da ƙananan boris a ciki. Sifanar famfo ana iya sa ta a ƙarshe, a kan robar da aka naɗa, amma ban da bututu. Dalili shi ne a diril mai batir, abin da yake riƙe sandar ciki lokacin da kake murɗa zoben wasu 'yan ƙananan ƙarafa ne a cikin giya. Idan ka yi musu ƙarfin da ya wuce kima suna fashewa, daga nan ko baki ba za ka sake iya ɗaurewa da hannu ba. Alamarsa, ka murɗa zoben ka ga bakin da komai suna juyawa tare babu tsayawa.

Mai tambaya ya duba kuma ko zobe ɗaya ne da shi ko biyu. In biyu ne, na baya ake riƙewa a murɗa na gaba.

Wani ɗan uwa: Ni ma nawa ya maƙale, na ja zoben baya ya ƙi fita, kuma yana motsi gaba da baya.

Mai walda, Kaduna: Naka irin kan da ake kira SDS ne, wanda ake tura baki ya kulle da kansa, ba a murɗa shi, kuma wannan motsin haka aka yi shi. Ka ja zoben baya har ƙarshe ka riƙe, wani ya kama bakin da filaya yana jujjuyawa yana ja. In ya ƙi, gindin bakin ne ya baje saboda duka babu giris, sai an buɗe kan.

Malamin koyar da sana'a, Katsina: Tunda an taɓo, ga na mai makulli, don da yawa a nan irinsa ne da su. A zare waya daga wuta. Ramuka uku ne a jikin kan, kuma mutane suna nacewa a rami ɗaya. A sa makullin a kowane rami a murɗa hagu kaɗan, a zagaya sau biyu, sau da yawa a rami na biyu ko na uku yake saki. A danna makullin ciki da babban yatsa yayin murɗawa don haƙoransa su zauna sosai. In yana tsalle, ko ya cinye ko ba nasa ba ne: makullin kan milimita 10 ba ya zama daidai a na 13, kuma shi ne yake cinye haƙoran zoben. Ana iya ɗan buga hannun makullin da katako. Sa kurfi da guduma a haƙoran zoben kuwa yana buɗewa, amma ya bar su a lanƙwashe, makulli ba zai ƙara kamawa da kyau ba.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na sa kananzir, na buga, zoben ya juya kamar rabin zagaye. Amma bakin har yanzu bai fito ba, kuma zoben ya sake tsayawa.

Mai gyaran injinan hannu, Kano: To an samu ci gaba. Leƙa ka gani, haƙoran ukun duk sun ja baya ko ɗaya ya tsaya a gaba? In ɗaya ne ya tsaya, ka ɗora ƙusa mai kauri marar tsini a kansa ka ɗan buga shi ciki, ka riƙa murɗa zoben gaba da baya kana ƙara kananzir. In duk sun saki amma bakin yana riƙe, wataƙila ya taɓa zamewa a ciki yana aiki, haƙori ya tayar masa da ƙarfe a gindi. Kama bakin a bais, ka riƙa jujjuya injin kana ja. In ya fito ka goge wurin da magagari kafin ka sake sa shi.

Akwai kuma abu na uku. A can ƙasan kan akwai sukurun da ya riƙe shi da sanda, zarensa na hagu ne. Idan ya kwance ya taso, yana tokare haƙoran su kasa komawa baya. In bakin ya fita ka haska da tocila, ka ɗaure shi ta hanyar murɗawa hagu. Shi ya sa ba a tura baki har ya dunguri ƙasa: a tura, a ɗan jawo shi kamar milimita 2, sannan a ɗaure.

Mai walda, Kaduna: Oga, ni ban cika yarda da sukuru ba a nan. Rabin zagaye sannan ya tsaya, wannan ya fi kama da zaren da siminti ya cike, ko haƙorin da ya tsage. In tsagewa ce sai sabon kai. Kafin ya sayo ya karanta abin da aka rubuta a jikin tsohon, yawancin na milimita 13 suna ɗauke da lambar zare 1/2-20 UNF, kuma na 3/8-24 ba zai hau sandarsa ba.

Mai tambaya: Na haska, haƙori ɗaya ya fi sauran fitowa. Zan gwada ƙusar bayan la'asar in faɗa muku.