Takardar kuɗin makaranta ta nuna saura N91,000, ni kuma N56,000 na sani

Maman Walid:
Assalamu alaikum iyaye. Yarana uku ne a wata makarantar kuɗi a nan Kano, kuma takardar lissafin zangon farko da aka ba babban ya kawo gida ta ɗaure min kai. Kuɗin karatu zalla: na aji ɗaya na ƙaramar sakandare N120,000, ta aji huɗu na firamare N100,000, autar da ke nazire N50,000. Sai N10,000 kan kowane yaro na jarrabawa da ƙungiyar iyaye da malamai. Duka N300,000 ke nan. Suna rage kashi 10 cikin ɗari ga yaro na biyu, kashi 20 ga na uku, wato N10,000 da N10,000, sai ya koma N280,000.

Kashi uku ake biya: rabi kafin a koma, kashi 30 cikin ɗari kafin hutun tsakiyar zango, ragowar kafin jarrabawa. Na biya N140,000 a kan lokaci. Biya na biyu N84,000 ne, ya wuce ranar da suka sa da kusan mako guda saboda albashin Baban Walid bai shigo da wuri ba. A lissafina saura N56,000, sai ɗan abin da za su ɗora na tara. Amma a ƙasan takardar N91,000 aka rubuta, babu wani bayani. Don Allah wanda ya taɓa cin karo da irin wannan ya haska min kafin in je.

Baban Ihsan:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ai ba wani abu ba ne, tara ce. Makarantar yarana ma kashi 5 cikin ɗari suke ɗorawa idan an makara. Ki je ki ba su haƙuri kawai, sau da yawa suna yafewa idan sun san mutum ba ya wasa da biya.

Tsohon Akanta:
Baban Ihsan, da tara a ciki, amma tara kaɗai ba za ta kai nan ba. Na daɗe ina riƙe da littafin kuɗin wata makaranta, kuma abin da nake fara yi idan uba ya zo da ƙorafi shi ne in cire abin da ya sani daga abin da muka rubuta, in ga ko bambancin zai faɗa min daga ina ya fito.

Hajiya, N91,000 a cire N56,000, saura N35,000. Ki lura da yadda ya rabu. Ragin da suka yi miki tun farko N20,000 ne. Idan aka cire shi daga N35,000, saura N15,000, kuma N15,000 shi ne daidai kashi 5 cikin ɗari na N300,000. Zatona ke nan: da kika makara sai aka soke ragin 'yan'uwa gaba ɗaya, kuɗin ya koma N300,000, sannan aka ɗora tarar a kan wannan jimlar, har da kuɗin da kika riga kika biya tun watan Satumba.

Ko suna da hurumin yin haka, wannan yana ga takardar ƙa'idojin da suka ba ku lokacin ɗaukar yaran ko a farkon shekarar karatu. Ki nemo ta, ki duba abu biyu. Na farko, an rubuta cewa ragin na wanda ya biya a kan lokaci ne? Na biyu, tarar a kan me aka ce za a ɗora ta?

Maman Walid:
Na gode Malam. Na same ta a cikin fayil ɗin yaran. A kan tara an rubuta kashi 5 cikin ɗari na kuɗin da ya rage ba a biya ba. A kan ragi kuwa, abin da aka ce kawai shi ne na yaran da suke uba ɗaya ne, kuma a kan kuɗin karatu zalla. Ban ga inda aka haɗa shi da lokacin biya ba.

Tsohon Akanta:
To kin samu abin riƙewa. "Kuɗin da ya rage" yana ɗaukar fassara biyu. Idan ana nufin abin da lokacinsa ya yi ba a biya ba, N84,000 ne, tararsa N4,200, sai bashinki ya zama N60,200. Idan kuma ana nufin duk abin da ke kanki a ranar, N140,000 ne, tararsa N7,000, bashin ya zama N63,000. Ni ina ganin ta farkon ce adalci, domin N56,000 na ƙarshe lokacinsa bai yi ba, ba a cewa kin makara a kansa. Amma ko da sun dage a kan ta biyu, babu fassarar da za ta kai ga N15,000, tun da rabin kuɗin yana hannunsu kafin yara su shiga aji.

Batun soke ragi, wasu makarantun da gaske suna da wannan sharaɗin, kuma idan sun rubuta shi iyaye suka sa hannu, magana ta ƙare. Idan ba a rubuce yake ba, ki nemi su nuna miki inda suka sanar da shi. Wani lokaci ma ba da gangan ba ne. Akwai masu shigar da ragin da hannu a kan takardar farko kaɗai, idan aka sake buga wata daga kwamfuta sai ta fito da cikakken kuɗin.

Kada ki je da jimla kawai. Ki ce su buga miki lissafin kowane yaro daban, layi-layi da kwanan wata: abin da aka caje shi, ragin da aka yi masa, abin da aka biya, da tarar. Ki tafi da rasit ɗinki biyu.

Umman 'Yan Biyu:
Maganar lissafin kowane yaro daban ta tuna min abin da ya same ni bara. Na tura kuɗin yara biyu a dunƙule, sai aka zuba shi duka a kan sunan Hassana. Ita takardarta ta nuna an biya har da rara, shi kuwa Hussaini aka rubuta bai biya ko sisi ba, aka ci shi tara, har aka tsayar da shi a bakin ƙofa ranar Litinin. Yaro ya dawo gida yana kuka. Da na kai rasit sun gyara sun cire tarar, amma abin ya tsaya min a rai. Tun daga nan kowane yaro da tiransifarsa, kuma a wurin da ake rubuta dalilin turawa ina sa cikakken sunansa da ajinsa da zangon.

Abban Sadik:
Ni ta wurin mai POS matsalar ta zo min. Na ba shi N60,000, ya cire ladansa a ciki ya tura N59,500, kuma sunansa ne ya fita a alat ɗin makarantar, ba nawa ba. Kuɗin ya zauna a asusunsu ba su san na wane ne ba. Abin da ya cece ni ɗan rasit ɗin nan ne, akwai wata doguwar lamba a jikinsa da ake rubuta Session ID, da ita akantan ya gano kuɗin da ranar da ya shiga. Ku riƙa ɗaukar hoton rasit ɗin nan take, rubutunsa yana gogewa. Duk da haka sun ce biyan bai cika ba saboda N500 ɗin.

Malama Ta Tudun Wada:
Ku yi haƙuri, ni abin da ke damuna shi ne ƙarin kuɗin da ake yi kowace shekara ba tare da an kira taron iyaye ba. Namu sun ƙara kuɗin mota ana tsakiyar zango. Wannan ba zalunci ba ne?

Tsohon Akanta:
Malama, wannan wata magana ce mai zaman kanta, amma tana da inda ta taɓa tamu. Idan an yi ƙari a tsakiyar zango, ki tabbata an rubuta shi a layinsa da ranar da ya fara, kada a mayar da shi baya a ce biyanki na farko bai kai rabi ba.

Akwai kuma wani layi da iyaye ba su cika dubawa ba, na can sama, wanda ake rubuta B/F, wato ragowar bashin zangon baya. A inda na yi aiki, duk kuɗin da ya shigo tsohon bashi yake fara cinyewa. A ce akwai N8,000 na zangon da ya wuce, uba ya kawo N140,000 yana ganin ya biya rabi cif. A littafi N132,000 ne ya shiga sabon zango, sai a lissafa shi cikin waɗanda ba su cika ba. Hajiya, ki duba wannan layin ma, ko da yake yadda N35,000 ɗinki ya rabu daidai ya sa nake ganin babu tsohon bashi a ciki.

Maman Walid:
Na je yau da safe. An buga min na kowane yaro, kuma lissafin Malam ne ya fito tsaf: babu ragi a kan ko ɗaya, tara N15,000. Akantan ya yarda tarar ba daidai ba ce, ya mayar da ita N7,000. Na ce N4,200 ya kamata, ya ce su haka suke fassara ta. Ragin kuma ya ce an faɗa a taron iyaye cewa wanda ya makara ya rasa shi. Na ce a nuna min a rubuce, ya ce sai mai makarantar ta dawo daga tafiya. Na biya N56,000 da babu jayayya a kansa, na karɓi rasit, don kada a sake cewa na makara.

Alhaji Na Fagge:
Kin yi dabara da kika biya wanda ba a gardama a kai. Ni dai tarar ce gaba ɗaya ban natsu da ita ba. Ƙari a kan bashi saboda jinkiri, a abin da muka ji daga malamai, riba ce. Na faɗa wa makarantar yarana haka, suka ce in ba tara iyaye ba sa biya, su kuma albashin malamai ba ya jira. Na fahimci uzurinsu, amma zuciyata ba ta kwanta ba.

Tambayata a kan ragi ce. Yarana biyar ne a makaranta ɗaya, uku na uwargida, biyu na amarya, sai ɗan ƙanena marayan da nake riƙo. Sun lissafa biyar ɗin a matsayin gida ɗaya, amma sun ƙi sa marayan, alhali daga aljihuna kuɗinsa ke fita. Kuma bana da babbar ta gama, sai na ga kuɗin mai bi mata ya tashi.

Tsohon Akanta:
Ranka ya daɗe, tashin kuɗin mai bi mata daidai ne. Da babbar ta fita, shi ya zama na farko, kuma na farko cikakken kuɗi yake biya. Kowa a bayansa ma ya matsa gaba da mataki ɗaya, don haka ka duba ragin sauran da sabon jerin. Batun maraya kuwa, yawanci ba a hannun akanta yake ba. Ka rubuta wa mai makarantar takarda, ka haɗa da shaidar cewa kai ne waliyyinsa. Na ga inda aka amince, na ga inda aka ƙi saboda tsoron kowa zai kawo 'ya'yan dangi.

Umman 'Yan Biyu:
To ni da nawa tagwaye ne a aji ɗaya, kuɗinsu ɗaya, ba ni da wannan matsalar. Amma ƙanwata tana da ɗa a sakandare da 'ya a nazire, kuma 'yar ce ta fara shiga makarantar, shi daga baya aka dawo da shi daga wata. Wa za a ɗauka na biyu, wanda ya zo daga baya ko ƙarama a shekaru? Kashi 10 na kuɗin sakandare ba ɗaya yake da na nazire ba, kuma takardarsu ba ta ce komai a kai ba.