Obin ɗina yana ƙona gefe ɗaya, ina matsalar take?

Assalamu alaikum. Don Allah masana gyaran kayan lantarki ku taimaka min. Obin ɗina mai fanka ne, kek nake gasawa na sayarwa. Kwanan nan gefen baya na hagu yana ƙonewa, na gaba kuwa tsakiyarsa ɗanye.

Na rataya ma'aunin zafi a tsakiya, na saita 180, na jira minti 20. Sai ya nuna 160. Da na matsar da shi bayan hagu, ya haura 200. Na jera yankan burodi a faranti don in tabbatar, nan ma na kusurwar ne kaɗai suka yi baƙi.

Ƙarfen zafi na sama yana yin ja gaba ɗaya, babu kumburi ko tsagewa. Wanda ke kewaye da fankar ne ban iya gani ba, murfi ya rufe shi. Fankar tana juyawa, amma a hankali, da 'yar ƙara.

Ni fankar nake zargi, domin da na'urar daidaita zafi ce, ai da ko'ina zai ragu daidai. Ko kuwa ƙarancin ƙarfin wuta zai iya jawo haka? Wanne zan fara sa mai gyara ya auna?