Muhawara: ƙanena na buƙatar gidan, na ba ɗan haya wata uku da taimako, ina zaluncin yake?

Alhaji: Assalamu alaikum jama'a, ku raba mu gardama. Ina da ɗan haya shekararsa shida a gidana, shekara-shekara yake biya, na bana ya biya daga 1 ga Fabrairu zuwa ƙarshen Janairu mai zuwa. Yanzu an dawo da ƙanena aiki nan kusa, da iyalinsa, ba shi da wajen zama. A ƙarshen Afrilu na samu mutumin na ce ya tashi ƙarshen Yuli, zan mayar masa da kuɗin wata shidan da ya rage in ya ba ni mukulli, motar kwasar kaya ma ni zan biya. Wai sai ya ce na zalunce shi. Ni a ganina mai gida in jininsa na buƙatar gida, ya ba da lokaci ya taimaka, ɗan haya ba shi da bakin magana.

Auta: Alhaji kai ne ma da haƙuri wlh. Mutum yana zaune a gidanka bai biya ba kuma har kana ba shi mota? Canza kwaɗo kawai kowa ya huta

Uwar Biyu: Auta ka karanta kuwa? Ya biya fa, har Janairu. Kai dai ka ga ɗan haya sai ka hau shi

Auta: Au, ban lura ba. To amma dai gidansa ne ai

Tsohon Dillali: Gidansa ne babu mai musu, amma Alhaji ka yi kuskure a lissafin notis. Na yi shekaru ina wannan harkar, ƙa'idar da muka sani ita ce mai biyan wata-wata notis ɗinsa wata ɗaya, mai biyan shekara wata shida. Wata ukun nan naka bai kai ba. Ka ƙara masa uku ya zama ƙarshen Oktoba, ka rubuta a takarda, shi ke nan ka fita, ko kotu aka je kai ne da gaskiya.

Barista: Baba Dillali rabin maganarka daidai ce. Wata shidan nan ba daga sama ya faɗo ba, misali dokar haya ta jihar Legas ta 2011 haka ta tsara, amma fa sai in yarjejeniyar da suka rubuta ba ta faɗi tsawon notis ba, in ta faɗa to abin da suka sa wa hannu shi ake bi. Kuma kowane wuri da dokarsa, shi ya sa abu na farko Alhaji ya ɗauko takardar hayar ya duba. Inda ban yarda da kai ba shi ne Oktoba. Notis ba ya yanke lokacin da mutum ya riga ya biya aka ba shi rasit. Alhaji ya karɓi kuɗin wata goma sha biyu, to zaman gidan nan har 31 ga Janairu ya riga ya sayar da shi, ginin ne nasa, zaman na mutumin ne. Saboda haka abin da ya yi a Afrilu ba notis ba ne ranka ya daɗe, roƙo ne. Roƙo kuwa ana iya cewa a'a.

Alhaji: Barista roƙo kuma? A gidana? Kuma ai kuɗinsa zan ba shi cas, ba ci zan yi ba.

Barista: Ka yi haƙuri Alhaji, ba raini ba ne. Ka ɗauka shi ne ya zo maka a Afrilu ya ce ya samu wani gidan, ka ba shi kuɗin wata tara yanzun nan zai tashi. Dole ne ka ba shi? In takardarku ba ta ce haka ba, ba dole, sai in ka ga dama. To haka yake ta ɗaya ɓangaren. Mayar da kuɗi ba ya warware yarjejeniya sai in ku biyun kun yarda a warware.

Malam: Abin da Barista ta faɗa haka yake ko a fiƙihu. Ijara ƙulli ne mai lizimta, in an ambaci lokaci an ambaci kuɗi ɗaya ba ya warwarewa shi kaɗai don wata buƙata ta taso masa, sai da yardar ɗayan. Akwai maganar uzuri da malamai suka yi saɓani a kai, amma ni dai ba zan ce wa Alhaji ya dogara da ita ba. Niyyarka ta zumunci mai kyau ce, sai dai kar a yi zumuncin da haƙƙin wani.

Uwar Biyu: Ni bari in faɗa muku abin da ya sa in an ce "ɗan'uwana zai shiga" gabana ke faɗuwa. Haka aka yi mana, mai gidan ya zo da sanyin murya wai ɗansa ne zai zauna, muka tausaya muka tashi ana tsakiyar zangon karatu, yara sai da na riƙa kai su makaranta ta hanya mai nisan gaske kullum safiya, bayan wata biyu na bi ta layin sai na ga an yi sabon fenti wasu baƙi ne a ciki, na tambayi maƙwabciyata ta ce ai haya aka ba su kuma kuɗin ya fi namu sosai. Ɗan nasa ko kwana ɗaya bai yi a gidan ba. Ban ce Alhaji haka zai yi ba wlh, amma shi mutumin ta ina zai sani? Mai yiwuwa abin da ke ransa ke nan.

Alhaji: Subhanallah. Hajiya ni ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya ne, mutumin ma ya san shi.

Na Jamus: Abin da ya samu Uwar Biyu a nan inda nake laifi ne da ake biyan diyya a kansa. A Jamus mai gida zai iya karɓar gidansa don kansa ko danginsa, ƙane ma yana ciki, amma sai ya rubuta a wasiƙar wane ne zai shiga da dalilin, ba wai kawai "ɗan'uwana" ba. Kuma tsawon notis yana bin daɗewar mutum a gidan, wata uku ne da farko, in ya wuce shekara biyar wata shida, in ya wuce takwas wata tara. Mutumin Alhaji mai shekara shida da a nan ne wata shida zai samu. In daga baya aka gano ƙarya ce, tsohon ɗan hayar zai iya kai ƙara a biya shi kuɗin ƙaura da bambancin hayar da ya ƙaru masa.

Barista: Faransa ma ta fi tsauri ta wani wajen. A dokarsu ta 1989 karɓar gida don dangi sai a ƙarshen wa'adin haya, da notis ɗin wata shida kafin ranar in gidan ba mai kayan ɗaki ba ne, kuma dangin da aka lissafa su ne mata ko miji, iyaye da kakanni, 'ya'ya da jikoki. Ƙane ba ya ciki sam. Na kawo ne don a ga cewa "jinina ne" ba mukulli ba ne da ke buɗe kowace ƙofa.

Tsohon Dillali: To mu bar Turawa da nasu, su ba sa biyan shekara gaba ɗaya. Ni na yarda da gyaran Barista kan Oktoba, amma bari in faɗi inda nake ganin maganar ta ɓaci tun farko, kuma ba doka ba ce. Alhaji ka ce za ka mayar masa da kuɗi IN ya ba ka mukulli. To da me zai kama sabon gida? Mutumin nan a Fabrairu ya zube kuɗin shekara, aljihunsa ya bushe. Inda zai koma za a ce ya kawo shekara cikakkiya, ga la'adar dillali, ga kuɗin ajiya na ɓarna in ana karɓa, duk kafin ya sa ƙafa. Kai kuma wata shida za ka ba shi, shi ma sai ya fita. Wato ya nemo kuɗin wata goma sha biyu da ɗoriya cikin wata uku daga inda babu. Motar kwasar kaya ita ce mafi arha a cikin duk wahalar, ita kuma ka zaɓa ka biya.

Uwar Biyu: Allah ya yi maka albarka Baba, wannan ita ce maganar

Alhaji: To in na ba shi kuɗin tun yanzu ya ƙi fita fa? Na yi biyu babu ke nan.

Barista: Shi ya sa ake rubutawa. Takarda ɗaya ta isa, a sa cewa ku biyun kun amince hayar ta ƙare ranar kaza maimakon 31 ga Janairu, a sa dalilin da wanda zai shiga, a sa adadin watannin da za a mayar. Kuɗin a raba biyu, rabi ranar da ya nuna ya samu gida zai biya, in kana tsoro ka tura wa sabon mai gidan kai tsaye, rabi ranar mukulli bayan an duba gidan an karanta mita. Ku sa hannu da shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi. Kuma tunda yardarsa kake nema, ka ƙara wani abu a kan haƙƙinsa, ko la'adar dillali ko hayar wata ɗaya, don wata shidan nan kuɗinsa ne dama, ba taimako ba ne. In ya ƙi duk da haka, sai ka ba shi rubutaccen notis cewa ba za ka sabunta ba, ka tabbata ya isa hannunsa kafin ƙarshen Yuli don wata shida su cika daidai ƙarshen Janairu, kuma kar ka karɓi kuɗin wata sabuwar shekara. Auta kuma, canza kwaɗo, cire rufi, yanke ruwa ko wuta, duk wannan shi ke mayar da mai gaskiya mai laifi a kotu, ko wa'adi ya ƙare sai an bi ta kotu ake fitar da mutum.

Auta: Na ji Anti. Amma ni har yanzu ban ga dalilin da ƙanen mutum zai yi wata tara yana raɓe-raɓe da iyali alhali ga gidan yayansa ba. Shi ba shi da haƙƙi?

Malam: Yana da shi, a wuyan yayansa, ba a wuyan ɗan haya ba.

Na Jamus: Lissafi ma fa Alhaji. Kuɗin wata shida da za ka mayar, da mota, da ƙarin da Barista ta ce, in ka haɗa ba zai kama wa ƙanen naka ƙaramin wuri zuwa Janairu ba? Sai kowa ya zauna lafiya

Tsohon Dillali: Wa zai ba ka hayar wata shida cikin sauƙi? Kuma ƙaura biyu ke nan da yara. Ni dai da ni ne gara a sasanta da mutumin ya tashi ƙarshen zangon makaranta.

Alhaji: Na duba takardar yanzu, ta shekarar farko ce kawai, tun daga nan rasit nake ba shi, kuma babu maganar notis a ciki. Zan je in same shi da maganar raba kuɗin biyu. Sai dai akwai tankin ruwa da tayil ɗin tsakar gida da ya sa da kuɗinsa shekara uku da suka wuce, jiya ya aiko a ce min sai an lissafa su.

Barista: Da izininka ya sa?

Alhaji: Tankin e, da baki. Tayil ɗin sai gani na yi.

Tsohon Dillali: Tanki ya kwance abinsa ya tafi da shi ko ka saya. Tayil kam ni ban taɓa ganin an biya ba

Uwar Biyu: Ba a biya don ba a tambaya Baba. Ƙanen Alhaji ba a kansa zai taka ba?